Abin da IgM da IgG suke faɗa a takardar awon jini, da abin da ba sa iya faɗa

Yawancin mutanen da suke fitowa daga ɗakin awon jini a Maradi da takarda a hannu kalma guda suke nema a cikinta, ko dai positif ko kuma négatif, kuma da zarar idonsu ya faɗa kan ta farkon sai su yanke wa kansu hukunci cewa cutar tana jikinsu a yau. A wasu gwaje-gwajen wannan fahimtar daidai ce, domin awon zazzaɓin cizon sauro da ake yi da madubin likita ƙwayar cutar kanta yake nema a cikin jini. Amma idan takardar tana ɗauke da layuka biyu, ɗaya an rubuta IgM ɗaya kuma IgG, to ba ƙwayar cutar aka gani ba, sawun da ta bari aka gani. Sawu kuwa yana iya zama na jiya, yana iya zama na bara, kuma aikin mai karanta takardar shi ne ya gane shekarun sawun.

Idan wata ƙwayar cuta ta shiga jiki a karo na farko, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini yakan fara ƙera sinadaran garkuwa, waɗanda takardun awo suke kira anticorps, kuma kowane sinadari an ƙera shi ne daidai da siffar wannan ƙwayar, kamar yadda ake yanka ɗan makulli daidai da kwaɗonsa. Wanda yake fara fitowa shi ne IgM, galibi a cikin makon farko. Ƙato ne, domin guda biyar ne aka haɗa wuri ɗaya, yana da hannuwa goma na kamu, sai dai kowane hannu riƙonsa ba shi da ƙarfi sosai, yawan hannuwan ne yake rufa masa asiri. Ba ya kuma daɗewa, domin a cikin kwana biyar ko shida rabin abin da aka zuba a jini yakan lalace, saboda haka idan jiki ya daina ƙera shi, sai ya ɓace a cikin makonni ko ƴan watanni.

Bayan mako ɗaya zuwa uku, waɗannan ƙwayoyin jinin sukan sauya sana'a su koma ƙera IgG. Shi ƙarami ne, hannuwansa biyu kawai, amma ya fi kowane sinadarin garkuwa yawa a jinin mutum, kusan kashi uku cikin huɗu, kuma rabinsa ba ya lalacewa sai bayan kwana 21. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne jiki yakan ware wasu ƙwayoyi da za su ci gaba da ƙera shi shekara da shekaru, a wasu cututtukan ma har ƙarshen rayuwa. Daga nan aka samo ƙa'idar da kowane ɗalibin aikin jinya ya haddace, cewa IgM alamar sabon kamu ce, IgG kuma alamar tsohon kamu ko rigakafi. Ƙa'idar ba ƙarya ba ce, amma ni a ganina rabin karatu ce, kuma wanda ya tsaya a kanta zai riƙa tayar wa mutane hankali a inda babu dalili, ya kuma kwantar musu da shi a inda bai kamata ba.

Inda ƙa'idar take aiki da kyau shi ne ciwon ƙyanda, wanda a nan aka fi sani da dussa. Yaron da ya yi zazzaɓi da jan ido da tari, sannan ƙuraje suka feso masa daga fuska zuwa gangar jiki, idan aka ɗebi jininsa tsakanin kwana na 4 da na 28 bayan fitowar ƙurajen aka sami IgM na ƙyanda, to an tabbatar da cutar, muddin ba a yi masa allurar rigakafinta a ƴan makonnin da suka gabata ba, domin allurar ma tana sa jiki ya ƙera IgM. Abin da ya sa awon yake da sauƙin karantawa a nan shi ne cutar tana da ranar farawa da uwa za ta iya faɗa, kuma IgM ɗinta yakan ɓace bayan wata ɗaya ko biyu. Ko a nan ma akwai tarko, domin idan aka yi gaggawar ɗibar jinin a cikin kwana uku na farko, wasu yaran da suke da cutar da gaske za su fito négatif, saboda sinadarin bai taru yadda na'ura za ta gan shi ba, sai an sake ɗiba.

Inda ƙa'idar take ruɗar mutane kuwa shi ne awon da ake rubuta wa mata masu juna biyu na wata cuta da takarda take kira Toxoplasmose. Ƙwayar da take haddasa ta tana hayayyafa ne a hanjin kyanwa, wato mussa, ta fito a kashinta ta gurɓata ƙasa da ruwa, daga nan tumaki da awaki su ɗauka a wurin kiwo ta zauna a namansu. Mutum yakan kamu ta hanyar cin tsire ko balangun da cikinsa bai gasu ba, ko salati da sauran kayan lambu da ba a wanke su da kyau ba, ko kuma ƙasar da ta taɓa hannu ta kai baki. Mafi yawan masu lafiya ba sa ma sanin sun kamu, wasu kuma ɗan zazzaɓi da kaluluwar wuya suke yi su warke. Matar da ta kamu tun kafin ta ɗauki ciki, idan garkuwar jikinta lafiya take, ta riga ta sami kariya kuma abin da ke cikinta ma ya samu. Haɗarin yana kan wadda ta kamu a karo na farko alhali tana da cikin, domin a lokacin ƙwayar tana iya ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi ta taɓa masa ƙwaƙwalwa da idanu. Saboda haka tambayar da likita yake son amsarta ba ita ce ko matar ta taɓa kamuwa ba, tambayar ita ce yaushe ta kamu, kafin cikin ko bayansa. Tun da cutar ba ta da ranar farawa da za a tuna, jinin ne kaɗai shaida.

A ƙaddara wata mata ce ta je awon ciki a mako na 9, bisa lissafin da ake yi daga ranar farko ta jinin al'adarta na ƙarshe, ungozoma ta rubuta mata awon, takarda ta fito da IgG positif a kan 180 UI/mL, wato ma'aunin yawan sinadarin a jini, IgM shi ma positif. Wanda ya haddace ƙa'ida kawai zai ce sabon kamu ne, ya ce wa matar cikinta yana cikin haɗari, kuma ba abin mamaki ba ne iyali su shiga tashin hankali a kan wannan magana guda. Alhali takardar tana iya nufin abubuwa uku mabambanta, kuma ita kaɗai ba ta isa ta nuna wanne ne daga cikinsu ba.

Tana iya nufin matar ta kamu a makonnin nan da gaske, IgM bai tafi ba, IgG kuma yana kan hawa. Tana iya nufin ta kamu shekara guda ko biyu da suka wuce, domin a wannan cutar IgM yana da taurin kai, yakan zauna a jinin wasu mutane watanni da yawa, wani lokacin fiye da shekara, kuma na'urorin zamani suna da kaifin da suke ganin ɗan ragowar da na'urorin da ba sa gani. Tana kuma iya nufin IgM ɗin da aka gani ba na wannan cutar ba ne sam. An riga an faɗi cewa riƙon IgM ba shi da tsantseni, saboda haka wanda jiki ya ƙera domin wata cuta daban yana iya maƙalewa a kayan awon. Akwai kuma wani sinadari da ake samu a jinin masu ciwon sanyin gaɓoɓi da ma wasu masu lafiya, wanda takarda take kira facteur rhumatoïde, shi kansa IgM ne da yake kama IgG na mutumin da kansa, sai ya yaudari wasu nau'o'in awon su nuna positif. Wannan ne dalilin da ya sa IgM ya fi IgG yawan ba da amsar ƙarya, ba a wannan cutar kaɗai ba.

Hanyar farko ta warware wannan ƙulli ita ce a sake ɗibar jini bayan mako uku, a auna IgG a kwatanta da na farko. Dalilin yana cikin yadda IgG yake tafiya: bayan ya bayyana yakan yi ta hawa har tsawon wata biyu zuwa uku, sannan ya tsaya a wuri ɗaya, daga baya ya riƙa sauka sannu a hankali. Idan matar ta dawo a mako na 12 aka sami 175 UI/mL, to 180 da 175 abu ɗaya ne a wurin masu awo, bambancin bai wuce ɗan kuskuren da kowace na'ura take yi ba, ma'ana IgG ya riga ya tsaya, kuma kamuwar ta girmi ɗibar jinin farko da aƙalla wata biyu. Sai a koma ga lissafin cikin. Mako 9 daga jinin al'ada na ƙarshe yana nufin cikin ya shiga kimanin mako 7 da suka wuce, domin ƙwai yakan fito ne wajen mako biyu bayan farawar al'ada. Wata biyu ya fi mako 7, saboda haka kamuwar ta riga cikin, ko da yake tazarar ba ta da faɗi, kuma likita mai hankali zai so ƙarin shaida. Idan kuwa aka dawo aka sami 520 UI/mL, to IgG yana kan hawa, kuma akwai yiwuwar kamuwar ba ta kai wata biyu ba.

Wannan kwatancen yana da sharaɗin da ake yawan karyawa. Dole ne a yi awon biyu a ɗakin awo guda, da irin kayan awo guda, kuma mafi kyau a ajiye ragowar ruwan jinin farko a cikin sanyi a auna su biyun a rana ɗaya. Ko da yake duka takardun suna rubuta UI/mL, kamfanonin da suke ƙera kayan awon ba sa ba da lamba iri ɗaya a kan jini guda, har ma iyakar da kowannensu yake fara kiran sakamako positif ta bambanta. Matar da ta yi awon farko a Maradi, sannan ta yi na biyun a Katsina ko a Yamai saboda ana ganin can ya fi, tana iya dawowa da lambar da ta ninka ta farko ba tare da komai ya canja a jininta ba, kuɗin mota da na awo sun tafi, ruɗani kuma ya ƙaru.

Hanya ta biyu ita ce awon ƙarfin riƙo, wanda ake rubutawa avidité des IgG, kuma ana iya yin sa a kan jinin farkon ba sai an jira mako uku ba. IgG ɗin da jiki yake ƙerawa a makonnin farko riƙonsa sako-sako ne, amma da tafiya ta yi tafiya jiki yakan riƙa zaɓen ƙwayoyin da suka fi iya ƙera mai kamu da kyau, har bayan ƴan watanni IgG ya zama idan ya kama ba ya saki. A ɗakin awo sai a bar IgG na matar ya kama sassan ƙwayar cutar a gurbi biyu, a wanke gurbi ɗaya da wani ruwa mai kwance riƙo, sannan a kwatanta abin da ya rage da na gurbin da ba a wanke da shi ba. Idan abin da ya tsaya ya kai iyakar da kayan awon suka sa, riƙon mai ƙarfi ne, kuma a yawancin kayan awon wannan yana nufin kamuwar ta wuce wata huɗu. Ga matar da take mako na 9, wannan amsar ta rufe magana, domin wata huɗu baya ba ta da cikin, ba ta buƙatar magani, kuma babu dalilin sake mata wannan awon a cikin nan.

Amma a ɗauki takarda iri ɗaya, lambobi iri ɗaya, riƙo mai ƙarfi iri ɗaya, a miƙa wa matar da ba ta fara zuwa awo ba sai a mako na 28, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, musamman ga matan ƙauye da masu ɓoye ƙaramin ciki saboda kunya. Wata huɗu baya tana cikin wata na uku na cikinta, saboda haka awon bai kore cewa ta kamu a farkon cikin ba. Sakamakon bai canja ba, amma amfaninsa ya ragu ƙwarai, domin agogon da yake iya waiwayen wata huɗu kawai ba zai ba da labarin abin da ya faru wata shida baya ba. Shi ya sa nake ganin ranar da aka ɗebi jini ta kai lambar da aka samu muhimmanci, kuma takardar da ba a rubuta makonnin ciki a kanta ba takarda ce da ba ta cika ba.

Shi ma awon ƙarfin riƙon yana da gefen da ba ya magana. Riƙo mai ƙarfi yana kore sabon kamu, amma riƙo mai rauni ba ya tabbatar da shi, domin a jikin wasu mutane IgG yakan daɗe bai ƙarfafa ba har fiye da shekara, kuma idan an riga an fara ba matar magani, maganin yana iya jinkirta hawan IgG da ƙarfafarsa. Idan aka sami riƙo mai rauni tare da IgG mai hawa, likita yakan ɗauki abin a matsayin sabon kamu, ya fara ba da maganin spiramycine domin rage yiwuwar ƙwayar ta ratsa mabiyiya, ya riƙa bibiyar ɗan tayin da hoton ciki. A inda ake da kayan aiki, akan ɗebi ruwan mahaifa daga mako na 18, kuma aƙalla mako huɗu bayan lokacin da ake zaton an kamu, a nemi ƙwayar kanta da awon PCR. A nan an bar bin sawu an koma neman mai sawun, domin sinadaran garkuwar uwa ba za su taɓa faɗin ko ƙwayar ta kai ga ɗan ba.

Sauran fuskokin takardar sun fi sauƙi, in ban da guda ɗaya. IgG positif tare da IgM négatif a farkon ciki tsohon kamu ne, kuma labari ne mai daɗi. Idan duka biyun négatif ne, mata da yawa sukan yi murna su ce ba su da komai, alhali wannan ce matar da ba ta da kariya, ita ce za a ja wa kunne a kan naman da bai dahu ba da ɗanyen ganyen da ba a wanke ba da kwashe kashin kyanwa da hannu, kuma a ƙasar Faransa irinta ake sake wa awon kowane wata har ta haihu. Mai wuyar ita ce IgM positif tare da IgG négatif, wadda bisa ƙa'idar littafi ita ce ainihin hoton sabon kamu, amma sau da yawa IgM ɗin ƙarya ne. Abin da yake raba gardama shi ne a sake awon bayan mako biyu, a kuma maimaita idan da buƙata: idan IgG ya bayyana a inda da babu shi, an kama sabon kamu da hannu, kuma wannan juyawar daga négatif zuwa positif ita ce shaida mafi ƙarfi da awon sinadaran garkuwa yake iya bayarwa. Idan kuwa makonni suka wuce IgG bai fito ba, to IgM ɗin ba na cutar ba ne, kuma za a ci gaba da ɗaukar matar a matsayin wadda ba ta taɓa kamuwa ba.

Bayan haihuwa, girman sinadaran biyu yakan sake shigowa cikin lissafi ta wata fuska. Mabiyiya tana ɗaukar IgG na uwa ta tsallakar da shi zuwa jinin ɗan tayi, musamman a watanni uku na ƙarshe, amma ba ta tsallakar da IgM. Saboda haka jaririn da aka haifa da IgG positif bai nuna komai ba illa cewa uwarsa tana da shi, kuma wannan gadon yakan riƙa raguwa da rabi kusan kowane wata har ya ƙare. Idan kuwa aka sami IgM a jinin jaririn, to jikinsa ne ya ƙera, ma'ana ya haɗu da ƙwayar tun yana ciki, sai dai akan sake ɗiba bayan kimanin kwana goma domin a tabbatar ba jinin uwa ne ya gauraya da nasa a lokacin naƙuda ba. Rashin IgM ba ya wanke jaririn gaba ɗaya, domin wasu da suka kamu ba sa ƙera shi yadda za a gani, shi ya sa ake bin IgG ɗinsa wata bayan wata: idan ya sauka har ya ɓace kafin ya cika shekara, na uwa ne kuma yaron bai kamu ba, idan kuwa ya tsaya ko ya hau, ko yana nan har bayan wata 12, to nasa ne. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a yanke hukuncin cutar sida a kan jaririn da bai kai wata 18 ba da awon gaggawa na sinadaran garkuwa, domin IgG na uwarsa yana iya zama a jininsa har wannan lokacin, sai a nemi ƙwayar cutar kanta da awon PCR.